Sanarwa mai hoto da maɓallai: wace hanya ta fi dacewa a Android da iOS?

Mai gina manhaja da yake son sanarwarsa ta fito da hoto da maɓallai yana da hanyoyi uku a gabansa. Ko dai ya bar manhajar aika saƙo ta gina sanarwar da kanta, ko ya karɓi saƙon ya gina ta da nasa kod ɗin a cikin samfurin da tsarin wayar ya tanada, ko kuma ya zana fuskar sanarwar gaba ɗaya yadda ransa yake so. Domin kwatancen ya tsaya kan abu guda, za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: manhajar kamfanin kai kaya, wadda take son ta sanar da mai saye cewa kayansa sun iso, ta nuna masa hoton kunshin a bakin ƙofa, sannan ta ba shi maɓallai biyu, ɗaya na "Na karɓa", ɗayan na rubuta wa ɗan aike amsa ba tare da buɗe manhajar ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta tun farko, domin duk bambancin daga gare shi ya samo asali. Hoton ba ya cikin saƙon da ake aikawa. Saƙon da ke bi ta Firebase Cloud Messaging, wato FCM, ko ta APNs na Apple, ba ya wuce kilobait 4, kuma wannan bai isa ya ɗauki hoto mai kyau ba. Abin da ke tafiya adireshin hoton ne kawai, sannan wani abu a cikin wayar ya sauke hoton cikin 'yan daƙiƙu kafin sanarwar ta bayyana. Maɓallan ma haka suke: saƙon yana iya ambaton su, amma wani kod a wayar ne zai san abin da zai faru idan an danna. Saboda haka tambayar da ke raba hanyoyin uku ita ce wane ne ke yin wannan aiki a cikin wayar.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Ma'auni na farko shi ne kuɗi. Aika saƙo ta FCM kyauta ne, kuma APNs ba ya cajin kowane saƙo, sai dai asusun masu gina manhaja na Apple yana cin dalar Amurka 99 a shekara, na Google Play kuma dala 25 sau ɗaya. Waɗannan kuɗaɗe ɗaya suke a kowace hanya, don haka ainihin tsadar tana cikin lokacin ma'aikata da gwaji. Na biyu shi ne ƙarko, wato ko aikin zai ci gaba da tafiya idan sabuwar sigar Android ko iOS ta fito. Na uku sauƙin ginawa. Na huɗu haɗari, kuma a nan abin dubawa shi ne irin lalacewar da ke faruwa: hoton ne kaɗai zai ɓace, ko sanarwar ce gaba ɗaya ba za ta fito ba, ko kuwa maɓallin zai aikata abin da ba a nufa ba.

Game da ƙarko, dole a rarrabe abu biyu a Android. Akwai sigar da ke kan wayar, akwai kuma sigar da manhajar ta ce an gina ta dominta, wato `targetSdkVersion`. Yawancin sababbin ƙa'idoji ba sa kama manhaja sai ranar da aka ɗaga wannan lamba, kuma Google Play yana tilasta a riƙa ɗaga ta kusan kowace shekara. Shi ya sa sanarwar da ta yi shekaru tana aiki lafiya takan lalace bayan sabuntawar da ba a taɓa kod ɗin sanarwa a cikinta ba.

Hanya ta farko: a bar FCM ya gina sanarwar

Wannan ita ce mafi sauƙi. Sabar tana aika take, jiki da adireshin hoto, shi ke nan.

```json
{"message": {
  "token": "...",
  "notification": {
    "title": "Kayanka sun iso",
    "body": "An ajiye kunshi 1 a bakin ƙofa",
    "image": "https://example.com/kunshi.jpg"
  }}}
```

A Android, idan manhajar ba ta kan allo, FCM ne zai sauke hoton ya nuna shi, muddin bai wuce megabait 1 ba. Kuɗin aikin kaɗan ne, kuma ƙarkonsa yana da kyau ta ɓangaren waya, domin Google ne ke bin sauye-sauyen sigogi, mai manhaja kuma sabunta ɗakin kod ɗin kawai zai yi. Ta ɓangaren sabar ma ba a cika taɓa shi ba, ko da yake a shekarar 2024 an rufe tsohuwar hanyar aikawa ta FCM, kowa ya koma HTTP v1.

Sai dai ga kamfaninmu na kai kaya wannan hanya ta gaza tun kafin a fara, domin irin wannan saƙo ba shi da gurbin maɓallai a Android. Akwai kuma tarko na biyu da yakan ruɗi masu gwaji: idan manhajar tana buɗe a kan allo lokacin da saƙon ya iso, FCM ba ya nuna komai, sai ya miƙa saƙon ga `onMessageReceived`, kuma idan ba a rubuta komai a can ba, saƙon ya wuce shiru. A iOS kuwa sauƙin ya ragu sosai, domin hoton ba zai fito ba sai an ƙara wa manhajar wani ƙaramin sashe mai suna Notification Service Extension, wanda za mu zo kansa. Wanda ya aika saƙon da ke sama ya ga hoto a Android, bai gani a iPhone ba, kusan kullum wannan sashe ne babu.

Ko a wannan hanya mai sauƙi akwai sauye-sauye biyu da ba a tsere musu. Tun daga Android 8.0 na shekarar 2017 kowace sanarwa sai ta bi ta wata tasha da manhajar ta ƙirƙira, kuma idan ba a faɗi tashar ba, FCM zai jefa ta cikin wata ta gama-gari da ke fitowa da sunan Miscellaneous a wayar da ke kan Turanci, wadda mutum zai iya kashewa ba tare da ya san ya kashe sanarwar isowar kayansa ba. Sannan tun daga Android 13 na shekarar 2022, manhajar da aka sauke sabuwa ba ta nuna sanarwa ko ɗaya sai mai wayar ya ba da izinin `POST_NOTIFICATIONS`. iPhone dama da neman izini ya fara tun asali.

Hanya ta biyu: kod ɗinka, samfurin tsarin wayar

A nan aikin ya rabu gida biyu, kuma gidajen ba su yi kama ba.

A Android ana aika saƙon bayanai zalla, wato mai `data` babu `notification`, domin ya isa `onMessageReceived` ko manhajar tana kan allo ko ba ta kai. Kod ɗin zai sauke hoton, ya sa shi cikin `BigPictureStyle`, ya ƙara maɓallai da `addAction`. Wannan samfuri tsoho ne, domin hoto mai faɗi da maɓallai har uku sun zo ne da Android 4.1 a shekarar 2012, kuma tsufansa shi ne ƙarfinsa: kusan babu wayar da ke aiki a yau da ba ta san shi ba. Hoton da faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu ya fi zama daidai, wanda aka ɗauka a tsaye kuwa za a yanke masa sama da ƙasa, kuma a misalinmu kunshin da ke ƙasa kusa da ƙofa shi ne zai fita daga gani. Maganin wannan a sabar yake, inda za a yanka hoton a rage nauyinsa kafin a aika adireshinsa.

Maɓallan su ne suka fi shan sauyi. Android 7.0 na shekarar 2016 ya kawo rubuta amsa a cikin sanarwar ta hanyar `RemoteInput`, kuma a siga ɗin ce aka daina nuna ƙananan alamomin maɓallai a waya, aka bar rubutu kaɗai, don haka kalmar da ke kan maɓalli dole ta wadatar. Android 12 na shekarar 2021 ya kawo ƙa'idoji biyu masu tsanani. Ta farko, kowane `PendingIntent` sai an bayyana ko ana iya sauya shi ko ba a iyawa, in ba haka ba manhajar za ta faɗi a daidai lokacin gina sanarwar. Maɓallin "Na karɓa" yana son `FLAG_IMMUTABLE`, amma maɓallin amsa dole ya zama `FLAG_MUTABLE`, domin tsarin wayar yana buƙatar cusa rubutun mutumin a ciki. Wanda ya bi kod ɗinsa ya sa `FLAG_IMMUTABLE` a ko'ina don ya huta, maɓallin amsarsa ne zai lalace. Ta biyu, an hana danna sanarwa ta tada `BroadcastReceiver` ko `Service` sannan shi kuma ya buɗe allon manhaja. Alamar wannan matsala ita ce mutum ya danna, babu abin da ya buɗe, babu kuma saƙon kuskure a gabansa. Maɓallin da zai buɗe allo sai ya yi amfani da `PendingIntent.getActivity` kai tsaye. "Na karɓa" bai shiga wannan hani ba, tunda ba ya buɗe komai.

```kotlin
val naKarba = PendingIntent.getBroadcast(
    ctx, lambarOda, intent,
    PendingIntent.FLAG_UPDATE_CURRENT or PendingIntent.FLAG_IMMUTABLE
)
```

Ina so a lura da `lambarOda` a wannan kod, domin a nan ne kuskuren da na fi jin tsoro yake. Da yawa sukan rubuta 0 a wannan gurbi. Idan mutum yana da kunshi biyu da suka iso a rana ɗaya, tsarin zai ɗauki maɓallan biyu a matsayin abu ɗaya, bayanan na biyu su danne na farko, sai mutum ya danna "Na karɓa" a sanarwar kunshin farko amma sabar ta rubuta cewa na biyu ne ya karɓa. Gwaji da sanarwa ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba. Haka nan `setAutoCancel` yana aiki ne idan an danna jikin sanarwar kaɗai. Bayan danna maɓalli, kod ɗin ne zai share ta ko ya sabunta ta, kuma idan aka aika amsa ba a sabunta ba, alamar jira za ta yi ta juyawa, mutum ya zaci saƙonsa bai tafi ba.

A iOS tsarin ya juye. Saƙon bayanai zalla ba abin dogaro ba ne, domin Apple yana taƙaita yawansa, kuma ba ya isa ga manhajar da mai wayar ya rufe da hannunsa. Don haka ana aika sanarwa ta gaske mai take da jiki, a ƙara mata alamomi biyu.

```json
{"aps": {
   "alert": {"title": "Kayanka sun iso", "body": "An ajiye kunshi 1"},
   "mutable-content": 1,
   "category": "ISOWAR_KAYA"},
 "hoto": "https://example.com/kunshi.jpg"}
```

Alamar `mutable-content` ita ce ke tada Notification Service Extension, wanda ya zo da iOS 10 a shekarar 2016. Yana da kimanin daƙiƙa 30 ya sauke hoton ya manna shi, kuma iyakar hoto megabait 10 ce, ta sauti 5, ta bidiyo 50. Waɗannan iyakoki suna da faɗi a takarda, amma ƙwaƙwalwar da aka ware wa sashen kaɗan ce, kuma intanet mai rauni ba zai kawo babban hoto cikin lokacin ba. Abin da na fi yabawa a wannan tsari shi ne yadda yake lalacewa: idan lokaci ya ƙare, wayar tana nuna take da jikin da aka aiko, hoton kaɗai ake rasawa. A Android ba haka ba ne, domin idan kod ɗin ya tsaya jiran hoto har lokacinsa ya ƙare, babu sanarwar da za ta fito ko kaɗan. Hanyar kariya ita ce a nuna rubutun nan take, sannan idan hoton ya sauka a sake nuna sanarwar da lambarta ta farko tare da `setOnlyAlertOnce`, domin kada wayar ta yi ƙara sau biyu.

Idan hoto ya ƙi fitowa a iPhone, abubuwa uku nake fara dubawa. Ko adireshin yana farawa da `https`, ko fayil ɗin da aka ajiye yana da ƙarshen suna irin `.jpg` da zai sa tsarin ya gane nau'insa, sai kuma mafi ƙarancin sigar iOS da aka sa wa sashen. Wannan na ƙarshe yana da wuyar ganowa: sashen yana da nasa saiti daban da na manhajar, kuma idan Xcode ya sa masa sabuwar siga, zai yi aiki a wayar mai gwaji, ya ƙi tashi a duk wayar da ke ƙasa da ita.

Maɓallai a iOS sun girmi hoto, domin sun zo da iOS 8 a shekarar 2014, rubuta amsa kuma da iOS 9. Amma ba a aiko su cikin saƙo. Manhajar ce ke yin rajistar rukuni, misali `ISOWAR_KAYA`, da maɓallansa ta `setNotificationCategories`, saƙon kuma ya ambaci sunan kawai. Idan sabar ta aiko sunan da manhajar da ke kan wayar ba ta sani ba, ko harafi ɗaya ya bambanta, sanarwar za ta fito babu maɓalli. Ma'anar wannan ga kamfanin ita ce sabon maɓalli yana jiran mutane su sabunta manhajarsu. Akwai kuma bambancin da ya shafi tsara aiki kansa: a Android maɓallai suna bayyana da zarar sanarwar ta buɗe, a iPhone kuwa a ɓoye suke sai an danna an riƙe, kuma mutane da yawa ba sa yin haka. Duk abin da maɓalli ke yi, dole a same shi a allon da danna jikin sanarwar ke kaiwa.

Maɓallin "Na karɓa" yana rufe ƙofar ƙorafi, don haka bai kamata duk wanda ya tsinci wayar a kulle ya iya danna shi ba. iOS yana da zaɓin `authenticationRequired` da ke tilasta buɗe wayar, Android kuma ya sami `setAuthenticationRequired` a siga ta 12. Ga wayoyin da ke ƙasa da wannan, ya fi aminci maɓallin ya buɗe allon manhaja.

Hanya ta uku: zana fuskar sanarwar da kanka

Wannan ita ce ke burge masu zane, kuma ita ce tarihi ya fi nuna rauninta. A Android ana yin ta da `RemoteViews`. Kafin siga ta 12, manhaja tana iya mallakar kusan dukkan filin sanarwar. Daga siga ta 12 tsarin yana naɗe zanen cikin samfurinsa, ya ɗora alamar manhaja da sunanta, kuma tsayin filin sanarwar da ba a buɗe ba ya sauko daga 106dp zuwa 48dp. Duk wanda ya cika wancan fili da hoto da maɓallai ya wayi gari zanensa a yanke. Ban da wannan, launin rubutu a yanayin duhu, girman harafi ga masu raunin gani, da sauye-sauyen da kamfanonin waya ke yi wa fuskar Android, duk sun koma wuyan mai manhaja.

A iOS sunan sashen Notification Content Extension, shi ma daga iOS 10, kuma tun daga iOS 12 na shekarar 2018 ana iya sa maɓallai masu aiki a cikinsa. Ya fi na Android ƙarko, amma ba ya taɓa fuskar farko da mutum ke gani, sai an danna an riƙe. Aiki ne mai tsada da ake yi wa fuskar da ba kowa ke buɗewa ba, kuma idan ana son hoto daga intanet, galibi sashen farko ma yana nan.

| Ma'auni | FCM ya gina | Kod ɗinka a samfurin tsari | Zanenka |
|---|---|---|---|
| Kuɗin aiki | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa, kuma yana maimaituwa |
| Hoto a Android | Akwai, har megabait 1 | Akwai, kai ke saukewa | Akwai |
| Hoto a iOS | Sai da sashen sauke hoto | Sai da sashen sauke hoto | Galibi sassa biyu |
| Maɓallai a Android | Babu | Har 3 | Yadda fili ya ɗauka |
| Maɓallai a iOS | Ta rukunin da aka yi rajista | Ta rukunin da aka yi rajista | Har a cikin zanen |
| Ƙarko | Mai kyau | Mai kyau idan ana bin ƙa'idojin `PendingIntent` | Mai rauni a Android |
| Babban haɗari | Shiru idan manhaja tana buɗe | Rasa sanarwa a Android, ko maɓalli ya taɓa odar da ba ita ba | Zane ya yanke bayan sabuntawa |

Akwai kamfanonin da ke sayar da wannan aiki a shirye, irin su OneSignal da Airship. Ba hanya ce ta huɗu ta daban ba: hanya ta biyu ce wani ya rubuta, kuma har yanzu sai an ƙara sashen iOS, an nemi izini, an tsara tasoshi. Abin da ake saya shi ne bin sauye-sauyen sigogi da allon aika saƙo, abin da ake bayarwa kuma kuɗi ne idan an wuce matakin kyauta, tare da bayanan wayoyin masu amfani.

Wace hanya ga wace buƙata

Manhajar labarai ko ta shago, wadda burinta mutum ya ga hoto ya danna ya shiga, hanya ta farko ta ishe ta, da sharaɗin a ƙara sashen iOS, a ƙirƙiri tasoshi masu suna, a kuma rubuta abin da zai faru idan manhajar tana buɗe. Ba na ganin dalilin da zai sa ta ɗauki nauyin da ya wuce haka.

Kamfaninmu na kai kaya, da duk manhajar da maɓallinta ke sauya wani abu a sabar, kamar tabbatar da alƙawarin ganin likita ko amincewa da buƙata, hanya ta biyu ce tasu. Saƙo ɗaya na FCM yana iya ɗaukar `data` a sashen `android` da cikakkiyar sanarwa a sashen `apns`, kowace waya ta sami abin da ya dace da ita. Gwajinsu ya haɗa da wayar da ke ƙasa da Android 12, wata mai 12, wata mai 13 ko sama, da iPhone mafi tsufa da manhajar ke karɓa, kuma a kowacce a aika sanarwa biyu a jere, a kashe intanet a tsakiyar sauke hoto.

Manhajar hira ta duba `MessagingStyle` a Android da sanarwar sadarwa da iOS 15 ya kawo a shekarar 2021, domin tsarin wayar yana ba su matsayi da hoton mai aiko saƙo waɗanda zanen kai ba ya samu. Wanda abin da yake so shi ne nuna tafiyar ɗan aike tana sauyawa a allon kulle, Live Activities na iOS 16.1 da `ProgressStyle` na Android 16 aka yi dominsa. Zanen kai ya rage wa ƙungiyar da abin da take son nunawa bai shiga ko ɗaya daga waɗannan samfurori ba, kuma take da mutumin da zai sake duba zanen duk lokacin da sabuwar sigar Android ta fito.